Zanen Lantarki a Bakin Malamin Hausa

A littafin kimiyyar sakandare akwai wani zane da kusan kowane ɗalibi ya taɓa cin karo da shi: layuka sun zagayo sun haɗe, ga batir a gefe, ga makunni, ga wani ɗan akwati, sai da'ira biyu, ɗaya da harafin A a ciki, ɗaya da V. Bayanin da ke jikinsa duk da Turanci yake, kuma malamin da zai mayar da shi Hausa yakan fara tuntuɓe ne da kalmar "wuta". A bakin jama'a an kawo wuta, wuta ta yi ƙasa, wuta ta ja yaro. Zanen kuwa abu biyu yake rarrabewa: ƙarfin da ke tura lantarki, wanda ake aunawa da bolt, da yawan lantarkin da ke gudana a waya, wanda ake aunawa da amfiya. Duk fassarar da ta kira su da suna ɗaya ta riga ta ɓatar da ɗalibi.

Gwanin malami daga batir yake farawa. Dogon layin nan siriri shi ne ɓangaren +, gajeren kuma −. Idan alamar ta zo sau biyu a jere, batiran tocila biyu ke nan masu bolt 1.5 kowanne, jimilla bolt 3. Makunni kuwa giɓi ne a hanya, in yana buɗe babu abin da zai wuce.

Ɗan akwatin shi ne rizista, mai rage gudun lantarki. Wasu littattafan da layi mai zarƙwalle suke zana shi. A ce an rubuta 6 Ω a kansa. Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ce I = V/R, wato a raba 3 da 6, a samu rabin amfiya. Abin da ma'aunin A zai nuna ke nan.

Inda aka ajiye ma'aunan nan biyu shi ne darasin da kalmomi ba sa faɗa. A yana kan hanyar kanta, domin duk abin da zai ƙirga sai ya ratsa ta cikinsa. V kuwa gefe yake tsayawa, wayoyinsa biyu sun kama bakin rizista nan da can. Ɗalibin da ya sa V a kan hanya zai ga ya nuna kusan 3, A kuma ya kwanta kusa da sifiri, don V ba ya barin lantarki mai yawa ya wuce. Wanda ya haɗa A kai tsaye da bakin batir biyu kuwa yana iya ƙona fis ɗin ma'aunin.

Haruffan dai ba a fassara su. V, I, R da Ω su zauna yadda suke, bayanin Hausa ya bi gefensu, tunda da su ɗalibi zai haɗu a takardar WAEC da NECO.