Ana Cire Maka Kuɗin Kati Ba da Izininka Ba? Ga Yadda Ake Rubuta Ƙorafi

Da yawa daga cikinmu idan muka sa kati muka ga kuɗin ya ragu ba mu kira kowa ba, sai mu ce layin ne ke shan kuɗi, mu bar wa Allah. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne an ɗora wa layin wani tsari mai sabunta kansa, kamar waƙar jiran kira, labarin ƙwallo ko wasan tambayoyi. Yakan shiga ne ta ɗan saƙon da ke faɗowa kan fuskar waya a danna masa amincewa cikin sauri, ko ta tallan intanet, ko yaro na wasa da wayar. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta hana a sa mutum cikin irin wannan tsari ba da yardarsa ba, don haka kana da haƙƙin neman kuɗinka.

Kafin ka ɗauki biro, tabbatar da abin da ke cin kuɗin. Idan ka ci bashin kati, kamfani zai cire abinsa da zarar ka sa sabo. Idan kuma datarka ta ƙare ka bar ta a kunne, tana iya komawa kan kuɗin kira. Waɗannan biyu suna cin kuɗi ko da ba a ɗora maka wani tsari ba. Alamar tsarin da aka ɗora ita ce adadi ɗaya yana fita a kai a kai, kullum ko duk mako, galibi tare da saƙon cewa an sabunta maka wani abu. Kashe data, ka duba kuɗinka da *310# da dare, ka sake dubawa da safe, ka ɗauki hoton fuskar wayar duka lokutan biyu.

Daga nan danna *305#, lambar da NCC ta ware wa duk layuka a 2023 don dakatar da irin waɗannan tsare-tsare. Amma ka fara ɗaukar hoton sunan tsarin kafin ka soke shi, domin shi ne shaidarka. Kada kuma ka goge saƙonnin cire kuɗin. Sai ka kira 300, ka shigar da ƙorafi, ka nemi lambar tikiti, ka rubuta ta tare da ranar da ka kira.

Bayan kiran sai ka rubuta wa kamfanin wasiƙa, kuma gajeruwa ta fi ƙarfi. A sama ka sa suna, lambar layin da kwanan wata. Mu ɗauka ana cire wa wata mai sayar da abinci naira 50 kullum, har kwana 24. Ga abin da za ta rubuta:

"Daga 3 zuwa 26 ga Maris an cire mini naira 50 kullum a kan tsarin labarin ƙwallo, jimilla naira 1,200. Ban nemi wannan tsari ba, ban kuma amince da shi ba. Na kira 300 ranar 27 ga Maris, ga lambar tikitina. Ina neman a soke tsarin, a mayar mini da naira 1,200, a kuma nuna mini rana da hanyar da aka ce na amince. Ina jiran amsa a rubuce cikin kwana 14, in ba haka ba zan kai ƙara NCC. Na haɗa da hotunan saƙonnin."

Buƙata ta uku ita ce ƙashin bayan wasiƙar. Amsar da aka fi bayarwa ita ce "ai daga wayarka aka danna". Idan ka nemi rana, sa'a da hanyar da aka yi rajistar, ka mayar da nauyin kawo hujja kan kamfanin. Guji zagi da ƙarin gishiri. Adadi ɗaya da bai yi daidai da lissafinsu ba yana iya raunana sauran maganarka.

Kai wasiƙar ofishinsu kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa ka riƙe, ko ka tura ta imel ɗin da ke shafinsu na hukuma. Kada ka taɓa rubuta lambar sirrin banki ko BVN a ciki, kuma duk wanda ya kira ka yana neman su da sunan mayar maka da kuɗi, ɗan damfara ne.

Idan wa'adin ya cika shiru, ko aka soke tsarin aka hana kuɗin, kira 622. Layin NCC ne, kyauta, kuma za a tambaye ka lambar tikitin, domin ƙa'ida ce ka fara da kamfaninka. A ƙarshe tura STOP zuwa 2442 don toshe saƙonnin talla. Wannan yana rage hanyar shigar sabon tsari, amma tsohon sai ka soke shi da kanka, ka kuma ci gaba da duba kuɗinka na 'yan kwanaki don tabbatar da cewa cirar ta tsaya.