Tafinta da Sashe na 17 na Yarjejeniyar Wuchale

Marubucin da ke neman inda zai kafa gajeren labarin wani saurayin tafinta, ya duba Wuchale a ƙasar Habasha. A can ne Sarki Menelik na Biyu da wakilin Italiya, Pietro Antonelli, suka ƙulla yarjejeniya ranar 2 ga Mayu, 1889, a harsuna biyu.

A ƙaga saurayin zaune da takardun biyu, yana bin su layi-layi har ya iso Sashe na 17. Ta Amharik ta ce sarki yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashe, wato in ya ga dama. Ta Italiyanci kuwa ta ce ya amince zai bi ta hannunta. Ga dokar Turawan lokacin, wannan ya mayar da Habasha ƙarƙashin kariyar Italiya.

Wahalar yaron ita ce zuciyar labarin. Wa zai faɗa wa? Aikin na gaba da shi ne zai tona, a fadar da ƙarami ba ya gyara wa babba magana.

A tarihi dai, sai bayan sa hannu aka gano saɓanin. Menelik ya soke yarjejeniyar a 1893, sojojinsa kuma suka murƙushe na Italiya a Adwa ranar 1 ga Maris, 1896.