Kafin a Sa Kwaɗo: Yadda Ake Sallamar Abokan Ciniki Idan Za a Rufe Kasuwanci

A watan Janairun 2024 kantin Shoprite da ke Ado Bayero Mall a Kano ya rufe, bayan kusan shekara goma yana ciniki. An sanar tun kafin ranar, mutane suka yi ta magana, daga baya kowa ya koma wani kantin. Mai sayen burodi da lemo ba ya barin komai a hannun kanti: ya biya, ya ɗauki kayansa, ya tafi.

Lamarin tela ya sha bamban, haka na mai gyaran waya, da makarantar kuɗi, da kamfanin tafiye-tafiye. Duk ranar da ɗayansu ya yanke shawarar rufewa, akwai abu uku na mutane a hannunsa: kuɗin da aka ba shi kafin alƙalami, kayan da aka bari a wurinsa, da bayanai irin su awon jiki ko sakamakon jarrabawa. Aikin takardar sanarwa shi ne ta gaya wa kowane mutum yadda waɗannan za su koma hannunsa, da ranar da za su koma.

Kamfanin Google ya nuna yadda ake yi lokacin da ya rufe Stadia, manhajarsa ta wasannin bidiyo ta intanet. Ya fitar da sanarwa ranar 29 ga Satumban 2022, ya ce za a ci gaba da wasa har zuwa 18 ga Janairun 2023. Tun ranar sanarwar ya daina sayar da sababbin wasanni, don kada a ƙara masa nauyin da zai sauke. Ya yi alkawarin mayar da kuɗin na'urori da wasannin da aka saya a shagonsa, ta hanyar da mutum ya biya tun farko. Ya kuma faɗi abin da ba zai mayar ba, wato kuɗin rajistar wata-wata da aka riga aka mora. Inda ya yi tuntuɓe shi ne wajen masu ƙirƙirar wasannin, domin wasu daga cikinsu a kafafen labarai suka ji cewa aikin da suke yi ba shi da sauran kasuwa.

Ranaku uku ke nan suka fito, kuma su ne ƙashin bayan kowace sanarwa: ranar daina karɓar sabon aiki, ranar rufe ƙofa, da ranar kammala biyan kuɗi. Takardar da ta ce "za mu rufe nan ba da jimawa ba" tsoro kawai take jefawa. Washegari kowa zai zo neman nasa a lokaci guda, har da wanda da zai iya jira.

A ɗauki misalin tela da zai rufe shago nan da mako shida, yana da ɗinkin mutum 40 a hannu. Kafin ya aika wa kowa saƙo, sai ya zauna da littafinsa ya raba aikin gida uku. Biyar an gama su, masu su ne ba su zo ba. Ashirin da biyar zai iya kammalawa kafin ya tashi. Goma da suka rage sun fi ƙarfin lokacin da ke gabansa, kuma a kansu rigima take tashi.

A ce kowane ɗinki naira 15,000 ne, an ba shi 10,000 kafin alƙalami. Wanda ba a taɓa shaddarsa ba, lissafinsa mai sauƙi ne: ga yadinka, ga dubu gomanka. Wanda aka riga aka yanka nasa, mayar masa da guntayen yadi ba sallama ba ce. Sai a ba shi zaɓi. Idan ya amince, a miƙa aikin ga wani tela tare da awonsa da hoton samfurin da ya zaɓa. Idan an ƙiyasta yankan a kan 4,000, tsohon tela ya riƙe wannan, ya tura wa sabon 6,000, mai kaya ya cika 5,000 ranar karɓa. Sabon tela ya samu 11,000, mai kaya kuma bai biya ko sisi sama da yadda aka yi ciniki ba. Idan bai yarda da telan da aka zaɓa masa ba, sai a zauna a daidaita kan kuɗin yadin.

Yardar nan ba ta baki kawai ba ce. Lambar waya da adireshi da awo bayanan mutum ne, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ba ta bar mai kasuwanci ya riƙa miƙa su yadda ya ga dama ba. Saƙo ɗaya da mai kaya ya amsa da "na yarda" zai zama shaida gobe.

Hanyar mayar da kuɗi ma tana buƙatar tsari. Da Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yunin 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta karɓi ragama. Ta yi amfani da lambar BVN wajen gano asusun masu ajiya a wasu bankunan, ta tura musu kuɗinsu har zuwa naira miliyan 5 ga kowane mutum. Masu fiye da haka sai suka jira a sayar da kadarorin bankin a kuma karɓo basussukansa. Ƙaramin ɗan kasuwa zai iya kwaikwayon wannan: kuɗi ya koma asusun da ya fito, a ajiye shaidar turawa, wanda aka ba a hannu kuma ya sa hannu a littafi. Ya kamata takardar ta ba da lambar waya ɗaya tak, ta kuma ce babu wanda zai nemi lambar sirri ko wani kuɗi kafin a biya mutum, domin 'yan damfara suna bibiyar irin wannan lokaci.

Idan kuɗin da ke ƙasa ba zai isa kowa ba, lamarin ya zama na doka. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, daraktocin da ke son masu kamfani su rufe shi da kansu sai sun yi rantsuwa cewa zai iya biyan bashinsa cikin wata 12. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar CAC, shi da shagon abu ɗaya ne, bashin zai bi shi har gida. Mai kayan da aka ƙi biya kuma yana iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ko kotu.

Mai karɓar sanarwa yana iya gane wadda aka yi da gaskiya. Tana ɗauke da ranaku, da sunan wanda za a nema, da wurin da za a same shi bayan an rufe. Idan kuwa shago yana cewa zai rufe amma yana ci gaba da karɓar kafin alƙalami, alama ce ta cewa da kuɗin sababbi ake biyan tsofaffi.

Saura ɗinki biyar ɗin nan da aka gama. Tela ya kira masu su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta ranar da ya kira. Wanda bai zo ba har ranar tashi, a sa kayansa a leda da sunansa da cikon kuɗin da ake binsa, a bar wa telan da ya karɓi sauran aikin, sannan a liƙa adireshin sabon wurin a jikin ƙofar tsohon shago.