Buhu 540 A Sito, Buhu 600 A Takarda

Tirela ɗaya ta siminti takan ɗauki buhu 600, kowane buhu kilo 50. A ɗauki misalin wani mai shagon kayan gini a Funtuwa da ya yi odar mota guda daga wani dila a Kano, a kan Naira 9,500 kowane buhu, bisa sharaɗin dilan ne zai kawo masa har ƙofar sito. Mota ta iso bayan la'asar, 'yan dako suka sauke, yaron shago ya ƙirga ya samu 540. Direba ya ce cikon na nan tafe a wata motar. Bayan kwana biyar inbois ya iso, kuɗin buhu 600 cif, cikon kuwa shiru.

Abin da yawancin 'yan kasuwa ke yi a nan shi ne su ɗauki waya: “Alhaji, kayan nan fa ba su cika ba.” Alhaji ya ce, “Kada ka damu, za a duba.” Shi ke nan, sai kowa ya koma harkarsa. Matsalar ita ce akawun dilan bai ji wannan hira ba. Shi abin da ke cikin littafinsa bashin buhu 600 ne, kuma haka zai ci gaba da turo shi duk ƙarshen wata. Kotunan Nijeriya sun sha yanke hukunci cewa a harkar kasuwanci, wanda aka aiko wa takardar da ke buƙatar amsa ya yi shiru, ana iya ɗaukar shirunsa a matsayin amincewa. Wannan ne ya sa wasiƙar ƙin amincewa take da aiki na gaske, ko da dilan amini ne na shekara ashirin.

Kafin mai shago ya ɗauki biro, sai ya jera takardu uku a gabansa: takardar oda, wadda ke nuna abin da aka nema da farashinsa, webil, wanda ke nuna abin da motar ta kawo, sai inbois, mai nuna abin da ake so ya biya. Rigimar duk tana kan webil. Idan yaron shago ya rubuta “an karɓi buhu 540, saura 60” kafin ya sa hannu, direba ma ya sa nasa a ƙasa, to an yi rabin aikin. Idan kuwa magariba ta kawo kai, direba na sauri, yaro ya rattaba hannu a kan 600 ba tare da ya rubuta komai ba, mai shago ya shiga wahala, domin takardar da ke hannun dila tana cewa kaya sun cika, da sa hannun mutuminsa. A irin wannan hali sai a nemi wasu shaidun: littafin sito na ranar, lissafin kuɗin da aka biya 'yan dako tunda su da buhu ake biyan su, hotunan saukewa, da saƙon da aka tura wa dila a WhatsApp a daren. Dokar Shaida ta 2011 ta amince da shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta idan an cika sharuɗɗanta, don haka ba a goge irin waɗannan saƙonni.

Daga nan sai lissafi. Buhu 60 a kan 9,500 ya kama Naira 570,000. Amma akwai abin da mutane ke mantawa: harajin ciniki na kashi 7.5 cikin 100, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020, an ɗora shi a kan buhu 600 ɗin gaba ɗaya. Harajin buhunan da ba su zo ba Naira 42,750 ne. Ke nan abin da ake jayayya a kai 612,750 ne, kuma wanda ya nemi a cire masa 570,000 kawai ya biya harajin kayan da bai gani ba.

Wasiƙar ba ta buƙatar tsawo. Bayan kwanan wata da adireshi, za ta iya zuwa kamar haka:

“Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na samu inbois ɗinku mai lamba 0418 na ranar 9 ga Maris, na Naira 6,127,500, kuɗin siminti buhu 600 haɗe da haraji. Ban amince da wani ɓangare nasa ba. Motar da ta sauke mana kaya ranar 4 ga Maris buhu 540 ta kawo, kamar yadda aka rubuta a webil da direbanku ya sa wa hannu, ga kwafinsa nan haɗe. Buhu 60 ba su iso ba har yau. Na biya Naira 5,514,750, kuɗin buhu 540 da harajinsu, kuma wannan biya ba ya nufin na amince da sauran. Ina roƙon ku kawo cikon cikin kwana 7, ko ku aiko da takardar ragi ta Naira 612,750. Idan kuna da takardar da ke nuna an kawo su, ku turo mini kwafinta. Na gode.”

Abin lura a wasiƙar shi ne ba ta ce an yi sata ba, ba ta ce direba ya sayar da kaya a hanya ba. Mai shago bai san abin da ya faru ba. Mai yiwuwa a wajen lodi aka yi kuskure, ko akawu ya ɗauki adadin daga takardar oda bai duba webil ba, wanda shi ne sanadin da ya fi saurin haifar da irin wannan inbois. Zargi a rubuce kan sa dila ya koma kare mutuncinsa maimakon ya buɗe littafi, kuma yana iya jawo ƙarar ɓata suna.

Biyan kuɗin buhu 540 ɗin ma da dalili. A dokar sayar da kaya, wadda asalinta dokar Ingila ce ta 1893 kuma jihohi da dama suka yi tasu a kanta, idan aka kawo wa mai saye ƙasa da abin da ya yi oda yana da damar ƙin karɓa baki ɗaya. Amma in ya karɓa, dole ya biya abin da ya karɓa a farashin da aka yi ciniki. Wanda ya riƙe kuɗin duka don fushi, alhali yana sayar da simintin, ya mayar da kansa mai laifi a rigimar da shi ke da gaskiya.

A aika wasiƙar ta hanyar da za ta bar shaida. In da hannu aka kai, a tafi da kwafi biyu, a sa sakataren dila ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, a dawo da shi. Yana da kyau a duba ƙasan inbois ko bayansa, domin wasu diloli kan rubuta wa'adin kai ƙorafi da ƙananan haruffa.

Sai dai akwai inda wasiƙar nan ba ta da ƙarfi. Da a ce mai shagon ne ya ɗauko hayar motar da kansa, aka loda buhu 600 a Kano direbansa ya sa hannu, to a ƙa'ida miƙa kaya ga mai ɗauka tamkar miƙa su ne ga mai saye. Dila ya fita, inbois ɗinsa daidai ne, kuma wasiƙar mai motar za a rubuta wa.

Idan kwana bakwai suka wuce babu ciko babu takardar ragi, a kasuwanninmu akan fara da shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, su zaunar da mutanen biyu da takardunsu. In abin ya faskara, ko kuma mai shago ya riga ya biya kuɗin duka tun farko yana neman a mayar masa, akwai kotunan ƙananan basussuka da aka buɗe a Legas a 2018 da Kano a 2019, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Kafin a shigar da ƙara a can sai mai ƙara ya nuna cewa ya aika wa ɗaya ɓangaren takardar neman haƙƙinsa, don haka ya tafi da kwafin nan mai hatimi, da webil, da shaidar biyan banki.