Danshin Bango: Daga Ƙasa Yake Tasowa Ko Bututu Ne Ke Yoyo?

Danshin da ke cin gindin bango a ɗakunan ƙasa yakan fito ne daga ɗayan wurare biyu: ko ƙasar da ginin yake kai, ko bututun ruwa da aka binne a cikin bangon. Ɓarnarsu iri ɗaya ce, fenti ya kumbura, filasta ta riƙa zubowa, amma maganinsu daban ne.

Danshin ƙasa yana hawa ne ta ƙananan ƙofofin bulo da siminti, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Hakan na faruwa idan ba a shimfiɗa ledar tare laima a kan harsashi ba, ko ta yage, ko an cike tsakar gida da ƙasa har ta haura ta. Ƙa'ida ita ce ledar ta fi ƙasar waje tsayi da santimita 15. Irin wannan danshi yana farawa daga daɓe, ya bi tsawon bango, kuma da wuya ya wuce mita 1 ko sama kaɗan. A iyakarsa akan ga zane kamar bakin kogi, da farin gari mai kama da kanwa, wato gishirin ƙasa da ruwa ya bari bayan ya bushe. Yana tsananta da damina, ya lafa da hunturu.

Yoyon bututu kuwa ba ruwansa da damina. Tabonsa yana taruwa wuri guda, galibi a bayan banɗaki ko kicin, ya fi jiƙa a tsakiya, sannan ya gangara ƙasa. Duk jiƙar da ta kai kafaɗar mutum a watan Fabrairu, bututu ake fara tuhuma.

Tankin gida yana raba gardama. Da dare a cika shi, a tsayar da ruwan da ke shiga, a rufe dukkan famfuna har da na tukunyar masai, a sa alama a bakin ruwan. A tanki mai faɗin mita 1, kowace santimita tana ɗauke da kusan lita 8. Idan aka wayi gari ruwa ya sauka da santimita 3, to lita 24 ta zurare, kusan jarka guda, alhali ba wanda ya taɓa famfo.

Gwajin yana da iyaka. Bututun da ke fitar da ruwan wanka ba ya rage tanki, domin sai ana amfani da shi yake yoyo. A nan sai a daina shiga banɗakin na mako biyu, a ga ko tabon zai ja baya. Haka kuma bututun da ya fashe a ƙarƙashin daɓe yana jiƙa ƙasa, ruwan ya hau bango tamkar danshin ƙasa. Saboda haka ake fara gwada bututu kafin a kira birkila.

Ko wanne aka gano, sai an toshe mafarin ruwan, an kankare filastar da gishiri ya cinye, an bar bangon ya sha iska na watanni, kafin a yi sabon shafe. Manna tayil a kan jiƙaƙƙen bango yana ƙara tura danshin sama ne kawai.