Sanda Biyu a Kan Takarda: Yadda Ake Zana Tafiyar Odar Intanet

Da zarar mai saye ya danna maɓallin oda a shagon intanet, ayyuka biyu ke tashi. Sashen kuɗi yana jiran banki ya tabbatar an biya, ma'aikacin sito kuma yana ɗauko kaya yana sa su a kwali. Babu wanda ke jiran ɗan'uwansa a cikinsu. Wanda dole ya jira shi ne mai kai kaya, domin ba za a miƙa masa kwali ba sai kuɗi sun shiga kuma an gama naɗi. Masu tsara manhaja suna nuna wannan da zanen tafiyar aiki na UML, tsarin zane da ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997.

A ce wata ta yi odar takalmi. Zanen yana farawa da baƙin ɗigo a saman takarda, daga shi kibiya ta sauko kan akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi da aka rubuta wa "Karɓi oda". Ƙarƙashinsa sai a ja sanda mai kauri a kwance. Kibiya ɗaya ke shigarta, biyu su fita: ta hagu zuwa "Tabbatar da biya", ta dama zuwa "Ɗauko takalmi" sannan "Naɗe kaya". Wannan ita ce sandar rabawa, wadda manhajojin zane ke kira `fork`. Ba cewa take yi ayyukan za su faru a daƙiƙa ɗaya ba, cewa take yi ba ruwan wani da wani wajen wanda zai riga gamawa.

Can ƙasa kuma a ja sanda ta biyu, ta haɗawa, wato `join`. Kibiyoyi biyu ke shigarta, ɗaya ta fita zuwa "Miƙa wa mai kai kaya". A manhajar PlantUML haka ake rubuta shi:

```
@startuml
start
:Karɓi oda;
fork
  :Tabbatar da biya;
fork again
  :Ɗauko takalmi;
  :Naɗe kaya;
end fork
:Miƙa wa mai kai kaya;
stop
@enduml
```

Ni a ganina, hanyar da ta fi saurin tona asirin zane ita ce a gwada shi da tsakuwa. Tun daga UML 2.0 na 2005 haka ake fahimtar zanen, alama ce ke bin kibiyoyi. Ɗora tsakuwa ɗaya a kan baƙin ɗigon ka riƙa tura ta. In ta iso sandar rabawa, ta zama biyu. A sandar haɗawa kuwa, wadda ta riga isowa sai ta tsaya, ba za ta wuce ba sai kowace kibiya mai shiga ta kawo tata, sannan su koma ɗaya.

Da wannan gwajin ake kama kuskuren da ya fi yawa. Akwai wata alama mai siffar lu'ulu'u da ake sawa a wurin zaɓi, misali biya da kati ko da tiransifa. Tsakuwa ɗaya ce ke shiga, hanya ɗaya kawai take bi. Idan mai zane ya rufe waɗannan hanyoyi biyu da sanda, to sandar za ta zauna jiran tsakuwa ta biyu da ba za ta taɓa zuwa ba, odar ta maƙale ke nan. Abin da lu'ulu'u ya raba, lu'ulu'u ke haɗa shi. Akasin haka ma ɓarna ce: in aka rufe biya da naɗi da lu'ulu'u, kowace tsakuwa za ta wuce abinta, zanen ya ce a tura takalmi da zarar an naɗe ko ba a biya ba, kuma a tura sau biyu.

Saura tambayar da masu koyo kan tsallake: in banki ya ƙi biyan fa? Dole reshen hagu ya sami lu'ulu'unsa, da sharaɗi a rubuce kan kowace kibiya, "an biya" da "ba a biya ba". Kibiyar ƙi tana iya zuwa "Soke oda", daga nan ta faɗa ɗigon ƙarshe, baƙin ɗigo a cikin da'ira, wanda ke tsayar da dukan aikin har da naɗin da ake cikin yi. Amma takalmin ya riga ya bar kanta, kuma zanen bai ce kowa ya mayar da shi ba. Shi ya sa na fi son a haɗa hanyoyin biyu da lu'ulu'u, su iso sandar haɗawa ko an biya ko ba a biya ba, sannan a yi zaɓin bayanta: a miƙa kwalin, ko a kwance shi a mayar da takalmin sito.