Me Ya Sa Masu Ba Da Tallafi Ke Tambayar Ranar Tafiyarsu?

Kusan duk takardar neman tallafi tana da sashen da ke tambaya: idan kuɗinmu ya ƙare, wa zai riƙe aikin? Masu tallafi na tambayar haka ne domin sun sha ganin rijiyar burtsatse ta tsaya bayan an yanke ƙyalle, don kawai robar cikin famfo ta cinye, ba mai saya.

Amsa mai gamsarwa lissafi ce. A ce gidaje 100 ne ke ɗibar ruwa, kowane na biyan naira 500 a wata. An tara naira 600,000 a shekara. Idan gyara da ladan mai gadi sun ci 450,000, ragowar 150,000 ta shiga asusu don babbar lalacewa. Sai a rubuta watan da za a miƙa rijiyar ga kwamitin unguwa, da makanikin da aka koya wa gyara, da wanda zai maye gurbin ma'aji idan ya ƙaura.

Wanda ya rubuta "za mu nemi wani tallafin" ya tona kansa: bai da shiri.